Murar da ta kwantar da miji da mata, amma matar kaɗai aka ba maganin bairos

"Assalamu alaikum, Likita. Ni da iyalina mun kwanta da zazzaɓi, tari da ciwon jiki a mako guda, ita kuma tana da ciki wata bakwai. Mun je asibiti a nan Gusau, aka yi mana gwajin maleriya ba a samu ba. Ni aka ce in sha farasitamol in huta, ita kuwa aka rubuta mata wani magani na kwana biyar, aka ce na murar infuluwenza ne, alhali ba a gwada an tabbatar ba. Ashe ana ba mai ciki magani a kan zato? Ba gara a jira gwaji ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ku lafiya, Ya sauki iyali lafiya. Bisa abin da ka bayyana, likitan da ya duba ku ya yi daidai, kuma da ni ne a kujerarsa abin da zan yi ke nan. Cutar da ke jikinku mai yiwuwa ɗaya ce, amma haɗarin da ke kanku ba ɗaya ba ne, kuma a wannan cuta haɗarin da ke kan mutum shi ne ke yanke hukuncin magani, ba takardar gwaji ba.

Infuluwenza ba ita ce murar yoyon hanci da atishawa da muke fita kasuwa da ita ba. Ta kan zo ne farat ɗaya, kwana ɗaya zuwa huɗu bayan an ɗauke ta: mutum ya tashi lafiya da safe, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, kai na sarawa, gaɓoɓi da tsokoki na ciwo, ga busasshen tari da kaushin maƙogwaro. Wata alama da nake dogara da ita ƙwarai ita ce yadda take bin gida, yau yaro, jibi uwa, gata maigida, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya zagaye gida da tari haka. Ana samun ta a kowane lokaci na shekara, amma a aikina na fi cin karo da ita a watannin hunturu, lokacin da ake rufe tagogi a kwana da yawa a ɗaki guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara cutar kan yi tsanani a jikin mutum miliyan 3 zuwa 5, kuma tana kashe tsakanin 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar lalata numfashi. Mafi yawan waɗanda suka kamu, irinka, suna warkewa da kansu cikin mako guda, ko da tari da kasala sun ɗan jima.

Me ya sa ita, ba kai ba

Ciki wata bakwai ya riga ya tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama, saboda haka sararin da huhu ke da shi na ajiyar iska ya ragu, a daidai lokacin da jikinta ke bukatar iskar oksijin fiye da da, domin numfashin mutum biyu take yi. Zuciyarta ma tana harba jini fiye da yadda ta saba, garkuwar jikinta kuma ta sassauta ta wasu fuskoki don kada ta yaƙi abin da ke cikinta. Idan ƙwayar cutar ta sauka daga maƙogwaro zuwa huhu, kai kana da rarar da za ka jure, ita kuwa rararta kaɗan ce, shi ya sa mai ciki kan iya tashi daga tari zuwa haki mai tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu. A annobar 2009 an ga wannan ƙarara a Amurka, inda masu ciki suke kusan kashi 1 cikin 100 na jama'a, amma suka kai kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe. Ban da haɗarin uwa, zazzaɓi mai zafi da ƙarancin iska suna iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini, ko a rasa ɗan a ciki. Haɗarin ba ya gushewa da haihuwa nan take, domin mai jego tana cikinsa har mako biyu bayan ta sauka.

Ba masu ciki kaɗai ke cikin wannan sahu ba. Akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman waɗanda ba su cika biyu ba, da dattawa daga shekara 65 zuwa sama. Akwai masu asma da sauran tsofaffin ciwukan huhu, masu ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon ƙoda ko na hanta, masu ƙiba mai yawa ƙwarai, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni saboda cuta mai karya garkuwar jiki ko maganin daji. A nan yankinmu nakan ƙara jan hankali a kan kashi uku da muke da su da yawa: masu sikila, waɗanda mura kan tayar musu da ciwon ƙirji mai kisa, yara masu tamowa, da masu tarin fuka ko waɗanda ya bar musu tabo a huhu. Hawan jini shi kaɗai, in bai taɓa zuciya ko ƙoda ba, ba ya sa mutum a wannan sahu.

Lissafin lokaci

Maganin da aka rubuta mata, ina kyautata zaton oseltamibir ne, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta Oseltamivir ko Tamiflu. Aikinsa shi ne hana sababbin ƙwayoyin bairos fita daga ƙwayar halittar da suka hayayyafa a ciki, don kada su kama ta kusa da ita. Kamar sharar da manomi ke yi a gefen gona ne don tare wutar daji: tana hana wuta wucewa, amma ba ta dawo da abin da ya riga ya ƙone. Bairos ɗin kuwa ya fi hayayyafa a kwana biyu zuwa uku na farko, shi ya sa amfanin maganin ya fi yawa idan an fara shi cikin awa 48 daga fara rashin lafiya, kuma ko a cikin awa 48 ɗin, na ranar farko ya fi na rana ta biyu.

Yanzu ka ɗora gwaji a kan wannan lissafi. Gwajin da ake dogara da shi shi ne na PCR, wanda ake ɗibar majina daga can cikin hanci a kai ɗakin gwaji na musamman. A Najeriya an fi yin sa ne don sa ido a kan yaɗuwar cutar, inda wasu zaɓaɓɓun asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ke aika samfuri zuwa babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, a Abuja. Ga mara lafiyar da ke zaune gaban likita a Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, kafin samfuri ya je sakamako ya dawo, lokacin da maganin zai fi amfani ya wuce. Akwai kuma gwajin nan-take mai kama da na maleriya, wanda ke ba da amsa cikin kamar minti goma sha biyar, sai dai yana da rauni babba: a cikin mutum goma da ke ɗauke da cutar da gaske, yakan kuskure uku zuwa biyar ya ce ba su da ita. Idan ya nuna akwai, mun yarda da shi. Idan ya nuna babu a jikin mai ciki da ke da zazzaɓi da tari, mijinta ma yana kwance da irinsu, ba zan fasa ba ta magani ba. To gwajin da amsarsa ba za ta sauya abin da zan yi ba, ina dalilin jiransa?

Don haka ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, akwai mutum iri uku da ake fara wa magani da zarar an yi zargin infuluwenza, ko an ɗebi samfuri ko ba a ɗiba ba: wanda ciwon ya kai a kwantar da shi a asibiti, wanda ciwonsa ke ƙaruwa ko ya taɓa huhu ko da yana gida, da wanda ke cikin sahun masu haɗari ko da ciwon bai yi tsanani ba tukuna. Iyalinka tana cikin na uku. Kai ba ka cikin ko ɗaya, kuma ga lafiyayyen magidanci abin da maganin ke yi bai wuce rage kwanakin jinya da kamar kwana ɗaya ba, wanda bai kai kuɗinsa da wahalar nemansa ba.

Abin da ake aunawa a nan shi ne hasarar kuskure ta kowane ɓangare. Idan an ba ta maganin ya zamana ba infuluwenza ba ce, abin da ta yi asara shi ne kuɗi, wataƙila da tashin zuciya ko amai na kwana ɗaya ko biyu. An ba masu ciki da yawa wannan magani a ƙasashe daban-daban, ba a kuma ga yana jawo naƙasa ga jariri ba, shi ya sa shi ne aka fi zaɓa musu. Idan kuwa an hana ta ya zamana ita ce, abin da ake caca da shi huhunta ne da cikinta. Kalmar "zato" da ka yi amfani da ita ba ta yi wa likitan adalci ba, domin ya haɗa alamomi ne, da lokacin shekara, da kamuwar mutum biyu a gida ɗaya, da rashin maleriya a jini.

Dole in faɗa maka inda masana suka sha bamban. A kan wanda ciwonsa ya yi tsanani babu jayayya, oseltamibir ake bayarwa. A kan mai haɗarin da ciwonsa bai tsananta ba, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta fi karkata ga wani sabon magani da ake kira baloksabir, wanda ake sha sau ɗaya tak, yayin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ci gaba da ba da shawarar oseltamibir. Ga mai ciki dai zaɓin bai da wuya, domin ba a tara isasshiyar shaida a kan baloksabir a lokacin ciki da shayarwa ba. Kada kuma a ɗauki oseltamibir a matsayin garanti. Yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, don haka sa ido a kanta bai ƙare ba don ta fara shan magani.

Idan awa 48 ta wuce

Kuskuren da na fi gani, har a wurin ma'aikatan lafiya, shi ne ɗaukar awa 48 a matsayin ƙofar da ta rufe. Ga lafiyayye mai ciwo sassauƙa haka ne, bayan kwana biyu ba shi da wata riba. Ga wanda aka kwantar ko wanda ciwonsa ke ci gaba, ana ba da maganin ko a kwana na huɗu ne ko na biyar, domin a jikin irin waɗannan bairos ɗin yakan daɗe yana hayayyafa.

Wani dattijo mai kimanin shekara saba'in, mai ciwon suga, 'ya'yansa suka kawo mana shi daga wani ƙauye. Jikokinsa biyu sun yi mura da zazzaɓi, sai shi ma ya kwanta. An sayo masa maganin maleriya a kemis ba tare da gwaji ba, aka kuma yi masa allurar "kashe ciwon jiki". A kwana na huɗu ya ji dama har ya fita masallaci, kowa ya ce maganin ya yi aiki. A kwana na shida zazzaɓi ya dawo da rawar ɗari, kakinsa ya koma launin tsatsa, yana dafe haƙarƙarin dama in zai yi tari, ya kuma fara magana ba kan gado. Wannan salo na a ji sauƙi sannan a koma, shi ne tambarin nimoniyar bakteriya da ke biyo bayan infuluwenza: bairos ya kankare rufin hanyoyin iska, bakteriyar da ke zaune a hanci da maƙogwaro ta samu hanyar sauka huhu.

Da muka ƙirga numfashinsa ya kai 32 a minti ɗaya, na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna oksijin 88, suga ya haura 350, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba. A cikin awar farko aka sa masa oksijin, aka fara allurar antibayotik ta jijiya, aka ba shi oseltamibir, aka dakatar da ƙwayar sugarsa aka koma insulin tare da ƙarin ruwa a hankali. Antibayotik don bakteriya ne, oseltamibir don bairos, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, kuma a irin wannan hali ana haɗa su ne. Da sakamakon ƙoda ya fito ya nuna aikinta ya ragu zuwa kusan rabi, sai muka rage masa oseltamibir daga miligiram 75 zuwa 30 sau biyu a rana, saboda ta ƙoda maganin ke fita, in ba a rage ba sai ya taru a jini. Mun aika kakinsa gwajin tarin fuka, kamar yadda ya kamata ga duk dattijo mai irin wannan tari a nan, bai nuna ba. Ya kwashe fiye da mako kafin a cire masa oksijin, ya koma gida da ƙafarsa. Allurar da aka yi masa a kemis, da muka ga kwalbar, deksametason ce, wadda ke sa mutum ya ji daɗin jiki na ɗan lokaci amma tana ɗaga suga tana kuma danne garkuwar jiki. Ba a ba mai infuluwenza ita sai da wani dalili na daban da likita ya gani, kamar tashin asma. Da a ranar farko aka dubi shekarunsa da sugarsa da jikokin da ke tari aka fara masa magani, da wataƙila bai kai ga gadon asibiti ba.

Nimoniya ita ce babba a cikin matsalolin da infuluwenza ke jawowa, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai ma nimoniyar da bairos ɗin da kansa ke haddasawa tun kwana na biyu ko na uku, ba tare da wani jin sauƙi a tsakani ba, kuma ita ce na fi tsoro ga mai ciki. Cutar tana tayar da asma, tana jefa mai raunin zuciya cikin kumburi da haki, haɗarin bugun zuciya ma yana ƙaruwa a makon farko. A yara ana ganin ciwon kunne, jijjiga saboda zafin jiki, wani lokaci da ciwon sha-raɓa har yaro ya ƙi taka ƙasa.

Yadda za ku kula da ita a gida

Ta sha ƙwaya ɗaya ta miligiram 75 safe da yamma har kwana biyar cur, ko da ta ji ta warke a kwana na biyu, kuma ta sha bayan ta ɗan ci wani abu, ko kunu ne, don rage tashin zuciya. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, saboda magani ne da ba kowane kanti ke ajiye shi ba, wanda aka samu kuma yana iya kasancewa ya daɗe a kanta. Zazzaɓi a sauke shi da farasitamol, giram ɗaya duk bayan awa shida in da bukata, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ta nisanci diklofenak da ibufurofen a wannan mataki na ciki, da haɗe-haɗen maganin mura na kemis da ba a san abin da ke cikinsu ba. In an ɗora ta a kan ƙaramin asfirin a wurin awo saboda hawan jinin ciki, wannan daban ne, kada ta daina sai likitanta ya ce. Yara kuwa ba a ba su asfirin sam a lokacin mura, domin yana iya jawo musu mummunan ciwon hanta da ƙwaƙwalwa.

Ka koyi ƙirga numfashinta, domin ya fi zafin jiki faɗin gaskiya. Tana zaune a natse, ka sa agogon waya, ka ƙirga ɗagawar ƙirjinta na minti ɗaya cikakke. In ya wuce 24, ko ta kasa gama jimla sai ta tsaya ta ja iska, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ku koma asibiti a take. Haka nan in akwai ciwon ƙirji, jini a kaki, leɓe ya yi duhu, ruɗewa ko yawan barci, amai da ya hana ta riƙe ruwa da magani, raguwar fitsari, ko zazzaɓi ya sauka ya dawo. Ta fuskar ciki, raguwar motsin ɗa, ciwon mara mai zuwa yana tafiya, zubar ruwa ko jini, duk ba a kwana da su. In kuna da na'urar yatsa, ga mai ciki duk abin da ya gaza 95 abin a duba ne, ba sai ya kai 90 ba. Ga waɗanda ke wajen gari, inda tafiyar dare ke da wuya a halin da hanyoyinmu ke ciki, shawarata ita ce a yanke hukunci tun da rana: mai ciki ko jaririn da numfashinsa ke da alamar tambaya da azahar, a kai shi kafin magariba.

In akwai ƙananan yara a gidan, ma'auninsu daban ne. Numfashi 60 a minti ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, duk alamar nimoniya ne, haka ma faɗawar ƙasan ƙirji ciki yayin jan iska, ko ƙin kama nono. Maganinsu da nauyin jiki ake auna shi, saboda haka kada a ɓare ƙwayar uwa a ba ɗa.

Gwajin maleriyar da aka yi muku ya zama dole, kuma in zazzaɓinta ya ci gaba a sake shi, domin maleriya a ciki ba abin wasa ba ce. Amma ko da ya nuna akwai, ba ya kore infuluwenza, saboda mutum na iya ɗaukar biyun tare, maleriya kuma ba ta cika zuwa da tari da ciwon maƙogwaro ba. Korona ma tana kama da infuluwenza ƙwarai, oseltamibir kuma ba ya yi mata komai. Sanƙarewar wuya da matsanancin ciwon kai kuwa sanƙarau za a fara zargi, wanda Zamfara ta ɗanɗana a 2017. In ɗayanku yana hulɗa da kaji kuma an yi mace-macensu kwanan nan, ku gaya wa likita, domin wannan na bukatar gwaji da sanar da hukuma. Ni ban duba ta ba, don haka wanda ya saurari ƙirjinta shi ne ya fi cancantar ya ce ta koma yaushe. Ku kiyaye ranar da ya ba ku, kada kuma ta tsallake awon ciki.

Kai kuma, Malam, kana iya yaɗa cutar har kusan mako guda daga ranar da ka fara, don haka in akwai dattijo, mai sikila ko jariri a gidan, ka rage zama kusa da su, ka rufe baki in za ka yi tari, ka yawaita wanke hannu da sabulu. Duk wanda zazzaɓi da tari suka kama daga cikinsu, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa mutum biyu sun riga sun kwanta da irin ciwon a gidan.